Babi na Bakwai: Jarrabawar da Ake Shiga da Littafi

Akwai jarrabawar da malami yake barin ɗalibi ya shiga da littafin da ya rubuta darussa a ciki. Da yawa sukan ɗauka cewa an sauƙaƙa musu, sai su daina bita, amma malamin da ya san littafi yana gabanku ba zai tsaya ga tambayar shekara ko suna kawai ba, zai nemi ku bayyana dalili, ko ku kwatanta abu biyu, kuma irin wannan amsa ba a samunta a jere a shafi guda.

Rabin aikin a gida ake yin sa. Ku sa wa kowane shafi lamba a kusurwar sama, sannan ku rubuta kan maganar darasin da manyan baƙaƙe. A cikin bangon littafin ku jera kanun maganar, kowanne da lambar shafinsa, kamar haka: Ganuwar Kano, shafi na 6, Sarki Muhammadu Rumfa, shafi na 9, zuwan Turawa a 1903, shafi na 14. Ku ja layi da jan biro a ƙarƙashin sunaye da shekaru kaɗai, domin wanda ya ja layi a ƙarƙashin komai bai bambanta komai ba, idonsa zai yi ta yawo a shafin kamar yadda zai yi da ba a ja ba. Kafin ku yi wannan shiri, ku tambayi malami abin da aka yarda a shiga da shi, saboda wani yakan yarda da littafin rubutu amma ya hana ƙarin takardu.

Yanzu mu ɗauka an ba ku awa ɗaya da tambayoyi huɗu. Minti biyar na farko na karanta tambayoyin ne duka, littafi a rufe, kuna rubuta lambar shafin da kuke zato da fensir a gefen kowace. Kowace tambaya sai ta sami minti goma sha biyu, ragowar minti bakwai na dubawa ne. Idan neman abu ɗaya ya wuce minti biyu, ku bar gurbinsa ku ci gaba, ku dawo daga baya.

Ga tambaya: "Bayyana yadda Sarki Muhammadu Rumfa ya bunƙasa birnin Kano." Jerin da ke bango ya kai ku shafi na 9, inda kuka rubuta a aji cewa: "Muhammadu Rumfa ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Ya kafa Kasuwar Kurmi, ya gina Gidan Rumfa, ya faɗaɗa ganuwa. A zamaninsa Shehu Al-Maghili ya zo Kano." Ku karanta sau biyu, ku fitar da 'yan kalmomi a gefen takarda: 1463, 1499, Kurmi, fada, ganuwa, Al-Maghili. Daga nan ku kife littafin. Wannan kifewa ita ce dabarar, domin muddin shafin yana buɗe, hannu zai bi ido ko mutum bai yi niyya ba.

Sai ku rubuta kamar kuna yi wa maƙwabci bayani a ƙofar gida: "Rumfa ya bunƙasa Kano ta fuskar ciniki da tsaro da ilimi. Kasuwar Kurmi ta ba fatake matattara, ganuwar da ya faɗaɗa ta ƙara wa birnin fili da kariya, zuwan Al-Maghili kuma ya ƙarfafa ilimin addini a fada. Duk wannan ya faru ne tsakanin 1463 da 1499." Ku lura cewa sunaye da shekaru sun zo daidai yadda suke a littafi, don ba a sauya su, amma jerin maganar da dalilan naku ne, kuma nan ne maki yake. A ƙarshe ku sake buɗe shafin ku tabbatar ba ku rubuta 1436 a maimakon 1463 ba.

Malami yana gane amsar da aka kwafa cikin sauƙi, tunda shi ya rubuta jimlolin a allo, kuma zai gan su iri ɗaya a takardu da yawa. Sauya kalma ɗaya ko biyu, a ce "ya buɗe" maimakon "ya kafa", har yanzu kwafa ce. Babbar illarta kuwa ita ce takan amsa abin da ba a tambaya ba: an ce a bayyana yadda, ɗalibi ya jera abubuwa ya tsaya.

Aikin gida: ku shirya jerin kanun magana na littafinku, ku ba wani ya kira darasi uku yana duba agogo. Duk darasin da nemansa ya wuce rabin minti, ku gyara kan maganarsa kafin darasi na gaba.