Yadda Ake Ɗinke Labarin Haɗaka Idan Abokiyar Rubutu Ta Taso da Wanda Aka Binne

A rubutun haɗaka, inda marubuta biyu ke karɓa-karɓa, wannan ta yi babi biyar waccan ta ɗora biyar, akwai ranar da za ki buɗe babin da aka turo miki ki tarar an juya labarin ta inda babukan baya ba su yarda ba. Sababbin marubuta kashi biyu suke a nan. Wasu faɗa suke yi har haɗakar ta watse a bar masu karatu a rataye. Wasu kuma kunya ke hana su magana, su ɗora a kan ɓarakar haka nan, sai masu karatu su gano da kansu. Da "ki" zan yi magana, namiji ma ya ɗauki nasa.

Ga misalin da za mu bi. A babi na 4 Alhaji Sule ya yi haɗari a hanyar Kano zuwa Zariya. A babi na 5 aka yi masa sutura. Matarsa Binta ta shiga takaba a babi na 7, aka raba gado a na 12, ta yi sabon aure a na 16. Ya bar 'ya'ya mata biyu da ƙaninsa Ɗanladi, iyayensa sun riga shi rasuwa. Sai ga babi na 23 daga abokiyar rubutunki: an yi sallama a ƙofar gida, an buɗe, Alhaji Sule ne tsaye da ransa.

Abu na farko, babin nan kada ya fita. Ko masu karatu sun dame ku da neman ci gaba, a ce musu sai jibi. Jinkirin kwana biyu ana mantawa da shi, amma babin da ya riga ya shiga wayoyin mutane ba ya dawowa. Kada kuma ki amsa mata a daren da kika karanta, domin abin da za ki rubuta a lokacin ƙorafi ne, kuma da ƙwaƙwalwarki za ki yi shi. Ƙwaƙwalwa kuwa tana ƙara gishiri. Sau da yawa abin da kike rantsuwa an rubuta a babi na 5 ba haka aka rubuta shi ba.

Don haka ki koma ga rubutun kansa. Ki haɗa babukan duka a fayil guda, ki buɗe a Word ko WPS, ki yi amfani da `Find` ki nemo sunan Alhaji da kalmomin da suka shafi mutuwarsa: rasu, gawa, wanka, likkafani, makabarta, marigayi. Duk jimlar da ta fito ki kwafe ta yadda take, ki sa lambar babinta a gefe. A labari mai babi 22 wannan aikin awa ɗaya ne zuwa biyu, in dai ba a saƙonni daban-daban babukan suke warwatse ba, wanda shi ma laifi ne da ya kamata ku daina.

Yanzu ne aikin gaske, kuma nan ne kusan kowa ke tsallakewa. Kowace jimla da kika kwafo, ki tambayi kanki: daga bakin wa ta fito? A labari akwai maganar da wani daga cikin taurarin ya faɗa, akwai abin da wani ya zata a ransa, akwai kuma abin da muryar mai ba da labari ta shaida da kanta. Tauraro yana iya yin ƙarya, yana iya yin kuskure. Mai ba da labari ba shi da wannan damar, domin da amincinsa mai karatu ke bin labarin. Juyin da ya rushe abin da taurari suka ɗauka, daɗi yake ƙara wa labari. Wanda ya ƙaryata mai ba da labarin, mai karatu ji yake an raina masa hankali.

A misalinmu, ce jimlar babi na 4 ta ce: Direban da ya tsaya a wurin ya kira gida ya ce, "Hajiya sai haƙuri, Alhaji ya cika." Wannan maganar direba ce, a firgice, a bakin titi. Tana iya zama kuskure, ba ta rufe ƙofa ba. Kukan Binta da takabarta ma ba su rufe ba, domin abin da aka gaya mata ta yi aiki da shi. Rabon gado haka. Sai a zo babi na 5. In an rubuta cewa Ɗanladi ya fito ya shaida wa jama'a shi ya yi wa yayansa wanka, har yanzu da sauran hanya, tunda Ɗanladi ya ci gado, yana da dalilin ɓoye gaskiya. Amma in an rubuta, "Ɗanladi ya yaye mayafin, ya ga fuskar yayansa, zuciyarsa ta karye," to an gama. Mai ba da labari ya shigar da mu ɗakin wankan, ya nuna mana fuskar, ya kuma shiga zuciyar Ɗanladi ya tabbatar mana ba wasan kwaikwayo yake ba. Jimla ɗaya ce, amma ta fi sauran ashirin ɗin nauyi. Irinta kike nema. Yawanci ba su wuce biyu ko uku a labari duka, ki ja musu layi.

Sai ki je wa abokiyarki da jimlolin a hannu, kuma ta kira, ba a rubuce ba. Kuɗin kati na minti goma sha biyar ya fi arha a kan saƙonni hamsin da kowa ke karantawa da muryar faɗa. Kada ki fara da "kin ɓata labari". Tambayar da ke buɗe hanya ita ce, "'Yar'uwa, me kike so dawowar Alhaji ta jawo?" Da wuya amsar ta zama Alhajin kansa. Za ta ce labarin ya yi sanyi tun daga babi na 17, Binta ta samu kwanciyar hankali da wuri, Ɗanladi ya ci dukiya ba wanda ya taɓa shi. Kuma galibi gaskiyarta ce. Ciwon ta gano daidai, maganin ne bai dace ba. In kin rabe waɗannan biyun, rabin rigimar ta mutu, domin ba ƙin ra'ayinta kika yi ba.

Abin da za a yi daga nan ya danganta da ko babi na 5 ya fita ko bai fita ba.

In labarin bai isa hannun kowa ba, gyara baya ya fi sauƙi. A mayar da haɗarin ya zama motar ta ƙone, ba a iya gane fuska ba, da agogo da katin shaidar da aka tsinta a gefen titi aka ce shi ne. A cire ganin fuskar nan gaba ɗaya. Sannan a shuka alama biyu ko uku a tsakani, ƙanana, waɗanda ba za a lura da su ba sai an waiwaya: a babi na 5 wani dattijo ya ce gawar kamar ta fi Alhaji tsawo a yi masa tsawa, a babi na 14 a kira wayar Binta da baƙuwar lamba a yi shiru a kashe. Fiye da uku, mai karatu zai harbo jirgin tun kafin babi na 23. Ku lissafa kwanaki kuma. Takaba wata huɗu da kwana goma ce, ga lokacin neman aure, ga zaman da ta yi a sabon gida. Aƙalla wata takwas zuwa shekara ke nan, dole a faɗi inda Alhaji yake duk tsawon lokacin da abin da ya hana shi aiko da saƙo. Hukuncin auren Binta na biyu kuwa, a tambayi malamin fiƙihu kafin a rubuta. Masu karatunmu suna yafe kuskuren nahawu, ba sa yafe fatawar da marubuci ya ƙaga.

In kuwa babi na 5 ya fita da jimlar nan a ciki, shawarata Alhaji ya ci gaba da kwanciya a kabarinsa. A ɗauki abin da abokiyarki ke so a biyo da shi ta wata ƙofa. Wanda zai yi sallama a babi na 23 ya zama wata mata ce riƙe da yaro namiji da takardar shaidar aure, Alhaji ya aure ta a ɓoye a garin da yake zuwa fatauci. Babu jimlar baya da wannan ya ƙaryata, domin mai ba da labari bai taɓa rantsewa cewa matar Alhaji ɗaya ce ba, Binta ce ta ɗauka haka. Dubi abin da zai yi wa gadon babi na 12. Ce dukiyar naira miliyan 24 ce bayan biyan bashi. A rabon farko Binta ta ɗauki tumuni, miliyan 3, 'yan matan biyu suka ɗauki kashi biyu cikin uku, miliyan 16, Ɗanladi ya kwashe ragowar miliyan 5. Da bayyanar ɗa namiji komai ya tashi. Matan biyu za su raba tumunin, miliyan ɗaya da rabi kowacce. Miliyan 21 da ta rage, yaron ya ɗauki miliyan 10 da rabi, kowace yarinya miliyan 5 da dubu 250. Ɗanladi ba shi da ko sisi, domin ɗa namiji yana shamakance ɗan'uwan mamaci, kuma ya riga ya gina gida da kuɗin. Binta kuma ga kishiyar da ba ta taɓa sanin da ita ba, bayan ta gama yi wa mutumin kuka. Rigimar babi goma ke nan, ba tare da an tone kabari ba.

Akwai hanyoyin arha da za a kawo miki, kuma ki ƙi su: ashe Alhaji 'yan biyu ne ba wanda ya sani, ashe duk mafarki Binta ke yi, ashe aljani ne aka binne. Na aljani da asiri zan iya ɗaga ƙafa in tun babin farko labarin da su ya taso. A labarin gado da zaman aure da bai taɓa ambatar boka ba har babi 22, shigo da su da rana tsaka guduwa ce daga aiki.

Wadda ta rubuta babi na 23 ita za ta sake rubuta shi, ko da ke kika kawo mafitar. In kika karɓe alƙalamin, muryar babin za ta sauya, ita kuma za ta riƙe abin a rai. Ke naki shi ne shuka alamun a babukanki na gaba, kamar a tuno tafiye-tafiyen Alhaji da suka riƙa yin tsawo.

Sauran kuma gajere ne. Ku buɗe takarda guda da ku biyu ke gani, a rubuta wanda ya mutu da babin da ya mutu, shekarun kowa, wanda ya san wane sirri, da watan da labarin yake ciki a kowane babi. Ku yi yarjejeniya cewa mutuwa, aure, saki, ciki da tonon asalin wani ba a rubuta su sai an sanar da ɗaya kwana biyu kafin a fara babin. In ƙaramin saɓani ne ya riga ya fita, kamar suna ko shekaru, a gyara a sanar da masu karatu a layi ɗaya a saman babi na gaba, a wuce.