Wasiƙa ga mai shago: kuɗin da maigida ya ɗauka don kansa ba kashe-kashen shago ba ne

Assalamu alaikum, Alhaji.

Bayan gaisuwa mai yawa tare da fatan kana lafiya, kai da iyali da yaran shago, na kammala duba littafin shagonka na watan jiya kamar yadda ka nema. Ka aiko mini cewa ciniki ya kai naira 9,000,000 amma ribar da ta fito a ƙarshen wata naira 30,000 ce kacal, har kana tunanin ko dai ka ƙara farashin kaya ko kuma ka sallami yaro ɗaya domin rage kashe kuɗi. Ina roƙonka kada ka yi ko ɗaya daga cikin biyun nan kafin ka karanta wannan takarda, domin shagon ya ci ribar naira 680,000 a watan, kuma bambancin da ke tsakanin lissafinka da nawa ya samo asali ne daga kurakurai biyu masu tushe guda: an rubuta abin da ka ɗauka don buƙatun gidanka a matsayin abin da shago ya kashe.

A wajen lissafin kasuwanci ana ɗaukar shago dabam da mai shi, ko da kuwa mutum ɗaya ne ya zuba jarin gaba ɗaya kuma shi ke zama a kan tebur daga safe har yamma. Kashe-kashen shago su ne kuɗin da dole a fitar kafin ciniki ya yiwu, wato haya, albashin yara, kuɗin dako da na mota, man janareta da cajin banki, kuma su ne ake debewa daga ciniki kafin a san riba. Abin da maigida ya ɗauka kuwa, ko kuɗi ne ko kaya, ba shi ya kawo cinikin ba. Rabonsa ne ya cira daga dukiyarsa, saboda haka daga jari ake debe shi bayan an riga an san ribar. Babu laifi a cikin ɗaukar, don ai domin a ci a sha aka buɗe shagon. Laifin yana wajen shafin da aka rubuta ta.

Ga yadda lissafin ya kasance a littafinka. An nuna cewa kayan da aka sayar an saro su ne a kan naira 8,050,000, aka kuma tara kashe-kashe na naira 920,000, sai ragowar ta zama naira 30,000. Da na bi shafin kashe-kashen layi-layi, sai na tarar na shago na ainihi naira 420,000 ne kawai: hayar wata ɗaya daga cikin ta shekara naira 100,000, albashin yara naira 150,000, dako da mota naira 90,000, wuta da man janareta naira 60,000, sai cajin banki naira 20,000. Sauran naira 500,000 ɗin kuɗin makarantar yara ne naira 250,000, cefanen gida naira 180,000, da gudummawar biki naira 70,000. Waɗannan ukun duka haƙƙoƙi ne da ke kanka a matsayinka na magidanci, amma babu wanda ya taimaka wajen sayar da ko katan ɗaya na taliya. Gyaransu mai sauƙi ne: na soke su daga shafin kashe-kashe, na mayar da su sabon shafi mai suna "abin da maigida ya ɗauka", kowanne da ranarsa.

Hanya mafi sauƙi ta rarrabewa, wadda yaron da ke riƙe maka littafi ma zai iya bi, ita ce a yi tambaya guda kafin a rubuta kowane kuɗi da ya fita daga durowa: da Alhaji ba shi da wannan shago, zai biya wannan kuɗin ko ba zai biya ba? Hayar shago ba za ka biya ba, don haka ta shago ce. Kuɗin makaranta da na asibitin iyali za ka biya ko da aikin gwamnati kake yi, don haka naka ne. Haka zubin adashin da kake yi da sunanka, haka kuma zakka, domin wajibi ce a kan mai dukiya, ko da daga cikin kayan shagon aka fitar da ita.

Kuskure na biyu ya fi wannan ɓoyuwa, domin babu kuɗin da ya fita balle a gan shi a littafi. Yaronka ya tabbatar mini cewa a farkon watan an kai gida buhun shinkafa biyu da jarkar man girki ɗaya, kuma ba a rubuta ba, saboda a ganinsa kayan maigida ne aka kai gidan maigida. To, da aka zo ƙirga kayan da suka rage a ƙarshen wata, sai aka same su ƙasa da yadda ya kamata, lissafi kuma ya ɗauka an sayar da su ne alhali ko sisi bai shigo ba a kansu. Wannan shi ya kumbura kuɗin sarin kayan da aka sayar daga naira 7,900,000 zuwa naira 8,050,000. Illar wannan ba ta tsaya ga riba ba, domin irin wannan giɓi shi ke sa maigida ya fara zargin yaransa da ɗan hali, alhali kayan suna sito a gidansa. Gyaran shi ne a rubuta duk abin da aka kai gida a ranar da aka ɗauke shi, kuma a kan farashin da aka saro shi, wato naira 150,000 a wannan karon. Kada a rubuta shi a farashin sayarwa kamar ciniki ne, domin yin hakan zai nuna ribar da babu wanda ya biya ta.

Idan aka yi waɗannan gyare-gyare biyu, ciniki yana nan naira 9,000,000, sarin kayan da aka sayar ya koma naira 7,900,000, abin da ke tsakani naira 1,100,000, sannan a debe kashe-kashen shago naira 420,000, riba ta tsaya a naira 680,000. Abin da ka ɗauka, kuɗi da kaya, naira 650,000 ne. Jarinka a farkon wata naira 12,000,000 ne. A ƙara masa riba a debe abin da ka ɗauka, sai ya zama naira 12,030,000. Ka ga ke nan naira 30,000 ɗin da littafinka ya nuna ba ƙarya ba ce, sai dai an ba ta sunan da ba nata ba: ita ce abin da jarinka ya ƙaru da shi bayan gida ya ci kusan dukkan ribar watan. Wannan shi ne wurin da nake so ka tsaya ka yi nazari, domin maganin shagon da ba ya riba dabam yake da maganin shagon da ke riba amma ana kwashe ta. Da ka ƙara farashi a kasuwa irin ta Singa, inda maƙwabcinka ke sayar da irin kayanka, da ka kori masu saye a banza. Da ka sallami yaro, da ka rage hannun da ke kawo cinikin. Kuma da a ce abin da ka ɗauka ya kai naira 800,000 a watan, da uwar kuɗi aka fara ci da naira 120,000, abin da ba ya bayyana nan take sai ranar da aka je sari aka ga kuɗin ba su ɗauko kayan da suka saba ɗaukowa ba.

Akwai abubuwan da shago da gida suke tarayya a kansu, kamar motarka da ke ɗauko kaya kuma take kai yara makaranta, da katin wayar da kake kiran diloli da 'yan'uwa da shi. A nan ba a jingina wa shago duka, ba a kuma hana shi duka. Sai mu tsayar da kaso bisa gaskiyar yadda ake amfani da abin, misali kashi biyu cikin uku na man motar na shago, ɗaya naka, mu rubuta dalilin, mu kuma dawwama a kansa kowane wata.

Ka taɓa tambayata ko za ka yanka wa kanka albashi a rubuta shi tare da na yara. Yanka wa kai adadi tsayayye shawara ce mai kyau, kuma ita nake ba ka, amma muddin shagon naka ne kai kaɗai, ko da ka yi rajistar sunan kasuwanci, wannan kuɗin yana nan a matsayin abin da maigida ya ɗauka, domin mutum ba ya ɗaukar kansa aiki. Hukuncin yana sauyawa ne kawai idan an mayar da shagon kamfani mai zaman kansa a gaban doka, inda albashin darakta ke shiga kashe-kashen kamfani kuma a cire masa haraji kamar na kowane ma'aikaci.

Batun haraji ma a nan yake. Dokar harajin kuɗin shiga a Najeriya ba ta yarda a debe hidimar gida ko ta kai daga riba ba, haka kuma jarin da mai kasuwanci ya janye, kuma harajin ɗan kasuwa irinka, wanda hukumar tara kuɗin shiga ta jiha ke karɓa, a kan ribar yake hawa, ko ka bar ta a shago ko ka kai ta gida. Idan jami'insu ya ga kuɗin makaranta a cikin kashe-kashe zai mayar da shi kan riba, kuma daga nan zai fara shakkar sauran littafin, har da abubuwan da kake da gaskiya a kansu. Wanda ya fi wannan nauyi a ganina shi ne ranar da wani zai ba ka jari a kan ku raba riba: idan aka bi tsohon lissafi, naira 30,000 za a raba maimakon naira 680,000, ka ci haƙƙin mutum ba tare da ka yi niyya ba.

Wani lokaci kuskuren yakan juyo ta ɗaya ɓangaren. Na ga rasit na gyaran janareta na watan da ya gabaci wannan, wanda ka biya daga aljihunka, ba a kuwa rubuta shi ko'ina ba. Irin wannan ana shigar da shi sau biyu: a matsayin abin da shago ya kashe, sannan a matsayin ƙarin jari daga gare ka. Zan gyara lissafin wancan watan daidai da haka.

Abin da nake so a fara daga wannan wata shi ne, ka ware asusun banki na shago wanda ba a biyan hidimar gida daga cikinsa, ka tsayar da adadin da za a riƙa tura maka sau ɗaya ko sau biyu a wata, kuma bisa ribar da muka gani ina ganin kada ya wuce naira 450,000, tare da kayan da ake kaiwa gida, domin a bar wa jari abin da zai bi tashin farashin sari da shi. Kuɗin makaranta tun da zango-zango yake zuwa, sai a riƙa ware masa wani abu daga cikin wannan adadi kowane wata. Na haɗo da kwafin sabon shafin, mai gurbin kwanan wata, da abin da aka ɗauka, da kuɗinsa, da sa hannunka. Ranar Asabar mai zuwa, in Allah ya yarda, zan zo shago mu ƙirga kaya tare, in kuma nuna wa yaron yadda zai riƙa cike shi.

Ka huta lafiya.

Naka,
Akantanka