In ka tura saƙon talla ta SMS, kar ka tsaya a adadin da ya isa

'Yan uwa, wanda zai haɗa rahoton saƙonnin talla, ya raba kuɗin da aka samu a kan saƙonnin da suka isa waya, ba waɗanda aka tura ba.

A ce ka tura 10,000, suka isa 9,000. Wato kashi 90 cikin 100. Sauran dubun, galibi layukan da suka mutu ne ko lambobin da aka rubuta ba daidai ba, ka cire su. Idan cinikin da saƙon ya jawo ya kai 45,000, kowane saƙo ya kawo 5 ke nan. Sai ka cire kuɗin turawa, kuma ka tuna dogon saƙo da ya wuce haruffa 160 biyu ake lissafa shi. Haruffa irin su ƙ da ɗ ma sukan rage iyakar zuwa 70, nan mutane da yawa ke tafka asara ba su sani ba.

Amsoshi kuwa, karanta su da idonka. Na taɓa murnar samun amsa 300, ashe 180 daga ciki `STOP` ne. Waɗannan ficewa ce, wato a daina tura musu saƙo, gurbinsu daban a rahoto.