Ƙwallon golf ta ɓace, ta fita daga fili, ko ta maƙale: yadda za ka yi

Da farko ka neme ta, amma minti 3 kacal gare ka. In ba ta samu ba, ko ta tsallake fararen turakun iyaka, hukuncin ɗaya ne: ƙara bugu 1 a lissafinka, ka koma inda ka buga. In bugun farko ne, yanzu na 3 za ka yi. Shi ya sa nake son mutum ya sanar, ya buga wata ƙwallo ta wucin gadi tun bai bar wurin ba, don ya ci gaba da ita in ta farkon ta ɓace ko ta fita, ba sai ya dawo ba.

In kuwa ka gan ta a gindin ƙaya, ba halin bugu, ƙara bugu 1 ka zaɓa: ka koma inda ka buga, ko ka ja baya a kan layin da ya taso daga rami ya ratsa ta, ko ka sake ta daga tsayin gwiwa cikin tsawon sandar bugu 2 daga inda take, ban da matsawa kusa da rami.