Yadda Ake Gane Fiya Ta Nuna Kafin A Saya

Fiya ba 'yar ƙasarmu ba ce. Daga Filato, Mambila da Kudu ake lodo ta zuwa kasuwar 'Yan Lemo a Kano, kafin ta iso ƙauyukanmu ta sha matsi da rana a mota. Kuma ba ta nuna a bishiya, sai an tsinke ta. Shi ya sa ba na yarda da bawo shi kaɗai.

Fara sanin irinta. Hass, ƙaramar nan mai kaushin bawo, tana komawa baƙa-baƙa in ta nuna. Manyan nan masu santsi kuwa, da yawansu kore shar suke zama ko da cikin ya lalace. Ɗora ta a tafin hannu ka matsa a hankali. In ta ɗan lotsa, ta yi. Kada ka danna da yatsa, gurbin yatsan nan gobe baƙi zai zama a ciki.

Sai hancinta, ɗan guntun icen da ya rage inda aka tsinke ta. Taɓa shi da farce. In ya ƙi fita, da saura, ka bar shi. In ya fita cikin sauƙi, ƙarƙashinsa kore ko rawaya, ka sha yau ko gobe. In ka ga ruwan ƙasa ko fumfuna, ruɓa ta riga ta shiga. Wadda za ka ci kawai za ka cire wa, domin ramin ƙofar ruɓa ne.

Bara wani ƙanena mai tebur a kasuwar Wudil ya yi sarin kwando ta waya, an turo masa hoton bawo yana sheƙi. Da muka yanka, launin ƙasa ya taso daga wajen hanci yana bin jijiyoyi har ƙwallo. Kusan rabi muka zubar, abin ya yi mini ciwo.

Yanzu sai ya sa a zaro ɗaya daga ƙasan kwando, a raba ta biyu a tsaye, a ɗauki hoton ɓari biyun nan take, a inuwa da rana, ba da fitilar waya ba. Lafiyayya kore ce kusa da bawo, rawaya kusa da ƙwallo. Tabo guda a ƙarƙashin bawo buguwa ce, a yanke a sha sauran. Toka-toka ko'ina yawanci sanyin firji ne ya yi mata yawa. Duhu sama-sama kuma iska ce, an yanka an bar ta.

Hoto ba ya nuna taushi ko wari, don haka in kaya sun iso ka sansana. Mai tsami a zubar. Ɗanyar kuma ka naɗe ta a takarda da ayaba, ka ajiye gindin randa, domin zafin bazara na sa gefe ya nuna gefe ya ƙi. Ka riƙa dubawa kullum da safe.