Yadda za ka nemi abokin hulɗa ya sake turo PDF ɗin da ya zo wayam

Da farko tabbatar matsalar ba daga wajenka take ba. Sauke fayil ɗin, ka buɗe shi da Adobe Acrobat Reader, domin wasu takardun cikewa ba sa fitowa a Chrome ko a waya. Duba nauyinsa kuma. Takarda mai shafi goma da aka yi wa sikanin amma ba ta wuce 20 KB ba, da wuya akwai wani abu a ciki. Wataƙila an juya takardar ne ba daidai ba wajen ɗora ta, na'urar ta ɗauki bayanta.

Sannan ka amsa a kan saƙon da ya turo, kada ka buɗe sabo, don ya gane fayil ɗin da kake nufi. Ambaci sunan fayil ɗin, da yawan shafukansa, da abin da ka gwada. Kada ka ce ya yi kuskure, wataƙila a kwamfutarsa lafiya lau yake buɗewa.

Ga misali:

"Assalamu alaikum Alhaji, da fatan an tashi lafiya. Na samu saƙonka, na gode. Sai dai fayil ɗin kwangila.pdf shafukansa shida duk babu rubutu, na gwada a kwamfuta da waya. Don Allah a duba a sake turo mini, idan da hali kafin Alhamis. In ta ƙi, ko hoton shafukan ma ya wadatar. Na gode ƙwarai."

Haɗa da hoton allonka da ke nuna fararen shafukan kafin ka aika.