Yadda ake saita sikirin ɗin taɓawa ya riƙa amsawa daidai inda ka ɗora yatsa

Wallahi abin na da ciwo, mutum ya tsaya gaban kiyos, wato na'urar nan mai sikirin ɗin taɓawa da ake kafa wa jama'a su yi amfani da ita da kansu, zai danna lamba 5 sai 4 ta fito, ya goge ya sake, mutanen da ke bayansa a layi sun fara tsaki, shi kuma yana ganin laifinsa ne alhali na'urar ce ta karkace. Zan yi bayanin na Windows ne. Tablet ɗin Android yawanci babu ma wajen wannan saitin a cikinta, in ta fara haka sai dai ka cire sikirin gad, ka zare caja ka gani, don caja mara kyau tana sa taɓawa ta haukace.

Kafin ka taɓa komai, gano irin kuskuren tukuna. Goge gilashin tas, musamman gefe gefe inda ƙura ke maƙalewa, ka buɗe Paint ka ɗiga yatsa a tsakiya, sannan kusa da kusurwa huɗu, kana lura da inda ɗigon ke faɗowa. In ko'ina ya kauce gefe guda da tazara kusan ɗaya, to saiti zai gyara shi. An fi ganin haka a sikirin mai leda a sama wanda sai ka ɗan danna, shi zafi da tsufa suna karkatar da shi. In kuwa akwai wajen da ba ya amsawa sam, ko layin da ka ja yana tsinkewa kullum a waje ɗaya, kar ka wahalar da kanka, sikirin ɗin ne ya samu matsala.

Wanda ya fi ruɗa mutane shi ne tsakiya daidai, amma kana matsawa gefe kuskuren na ƙaruwa. Ɗauki sikirin mai inci 21.5 wanda asalinsa 1920x1080 ne, sai wani ya maida shi 1280x1024, hoton ya tsuke, baƙi ya fito hagu da dama. Hoton yanzu faɗin fiksel 1350 kawai ya ci, ko wane gefe an bar 285, amma shi gilashin taɓawa bai san an yi haka ba, yana nan yana lissafi da duk faɗinsa. To in ka taɓa bakin hoton na hagu, kusan kashi 15 cikin ɗari ka shigo a gilashi, sai na'ura ta kai ɗigon kashi 15 cikin hoton, wajen fiksel 200 kenan, kusan santimita 5 daga yatsanka. Wannan ba aikin saiti ba ne, ka shiga Display settings ka maida Display resolution kan wanda aka rubuta Recommended, shikenan. In a tsaye za a kafa sikirin ɗin, juya Display orientation tun yanzu.

Sai saitin kansa. A wajen bincike na Start rubuta Calibrate, ka zaɓi Calibrate the screen for pen or touch input, Tablet PC Settings zai buɗe. In sikirin biyu ne a jone, fara da Setup, zai nuna farin shafi, in kan mai taɓawar ya fito ka taɓa shi, in ba shi ba ne danna Enter ya wuce na gaba. Rashin yin wannan ne ke sa ka taɓa nan, can ya amsa.

Daga nan danna Reset don share tsohon saiti, sannan Calibrate. Wata 'yar alama kamar ta tarawa za ta riƙa fitowa, kai kuma kana taɓa tsakiyarta. Bayan Reset sau 16 ake taɓawa, in ba ka yi Reset ba 4 kawai zai ba ka.

Nan fa nake roƙo a nutsu. Gilashin kiyos yana da kauri, akwai 'yar tazara tsakaninsa da hoton, in ka leƙo daga gefe ko ka sunkuya ta sama za ka ga kamar kana kan alamar alhali ka kauce, kuma wannan kaucewar ce na'urar za ta haddace. Tsaya daidai inda mai amfani zai tsaya, sikirin na cikin akwatinsa an ɗaure shi yadda zai zauna. Kan yatsa ɗaya kawai, kar tafin hannu ko hannun riga ya goga. In ka yi kuskure danna maɓallin dama na maus ya dawo da kai baya, Esc kuma ya fitar da kai gaba ɗaya.

Yana gamawa zai tambaya ko ya ajiye, ka ce Yes, ka koma Paint ka sake ɗiga wuraren nan biyar. In abin ƙaruwa ya yi, Reset ka sake a hankali. In kuma ka kashe ka kunna saitin ya gudu, duba ko kamfanin sikirin ɗin yana da tasa manhajar saiti a kan na'urar, don biyun kan yi karo. In akwai, yi Reset a na Windows, ka saita da ta kamfanin ita kaɗai.